Idan Bayanan Jiya Ne Suka Dawo Yau

A ce wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi tana fitar da jadawalin farashi kullum da asuba. Kwamfuta ce ke haɗa shi, ta ɗora a intanet, ta aika wa jama'a saƙo cewa sabon farashi ya fito. To, ranar da babu abin da ya canza fa? Mutum zai ƙona datarsa ya sauke abin da yake da shi tun jiya, kuma in aka yi ta yi masa haka, zai daina buɗe saƙon. Maganin shi ne kwamfutar ta gwada na yau da na jiya tukuna. In ɗaya ne, ta bar na jiyan a wurinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙirga layuka. Jiya 500, yau 480, ka san an samu canji, wataƙila ma fayil ɗin bai iso cikakke ba. Amma in yau ma 500 ne, magana ba ta ƙare ba. Farashin masara zai iya tashi a layi na 12, adadin layuka bai motsa ba. Ƙirga buhu ba ya gaya maka abin da ke cikin buhun.

Shi ya sa ake haɗawa da lambar tantancewa. Akwai lissafi irin SHA-256 da ke karanta fayil tun daga farko har ƙarshe, ya fitar da lamba mai alamomi 64. Ko waƙafi ɗaya aka taɓa, lambar za ta sauya gaba ɗaya. A kan Linux, ga umarnin ƙirga layuka da na fitar da lambar:

```
wc -l farashi.csv
sha256sum farashi.csv
```

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafin bai san ma'ana ba. In manhajar tana rubuta lokacin da ta haɗa fayil a samansa, kullum lambar daban za ta fito, ko da farashi bai motsa ba. Haka nan in yau gero ya zo kafin dawa, gobe dawa ta riga shi. Alamar matsalar ita ce a wayi gari ba a taɓa tsallake wallafawa ba. Sai a cire layin lokacin, a jera layukan bisa tsari guda, sannan a yi lissafin. Kuma kada a adana sabuwar lamba sai wallafawa ta kammala, don in ta katse a tsakiya, gobe kwamfutar za ta ɗauka an riga an yi.

Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Lamba ɗaya kwana da kwanaki na iya nufin kasuwa ta tsaya cak, na iya nufin mai aiko da farashin ne ya daina aikowa. Don haka duk ranar da aka tsallake a rubuta ta, kuma in ranakun suka yi yawa, mutum ya ɗauki waya ya tambaya.