Maraba da baƙo, amma ba da na'ura ba tsakar dare

A ce wata mai sayar da turaren wuta a Kano ta buɗe shafi a Instagram, sai ta ɗaura wata manhaja da ke aika wa duk wanda ya fara bin ta saƙon sirri nan take: "Sannu Hajiyata! Ki danna nan ki yi oda." A ranar farko saƙon ya faɗa hannun wani dattijo da ya zo duba wa iyalinsa kaya, kuma da ƙarfe biyun dare. Na'ura ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba, balle ta san wanda ya haife ka.

Hausa ba ta yafe irin wannan. Da ka ce "ka" ko "ki" ka riga ka yanke hukunci kan jinsin mutum. Idan kuma manhajar tana ɗauko sunan da ke kan shafi tana liƙawa, abin ya fi muni: ka kira babban mutum da sunansa gatsal, ko ka gaishe shi da wani sunan barkwanci mai lambobi a wutsiya.

Sai kuma haɗarin rasa shafin kansa. Dokar X, wadda a da ake kira Twitter, ta hana aika saƙonnin sirri ta na'ura ga waɗanda ba su nema ba, ta kuma fayyace cewa bin ka da mutum ya yi ba izini ba ne. A Instagram, manhajar da ta nemi kalmar sirrinka abar gudu ce, domin ka miƙa mata makullin shagonka. Saƙo iri ɗaya mai ɗauke da adireshin dannawa, yana fita a jere, ya yi kama da aikin 'yan damfara. Mutane su kai ƙara, sai ka wayi gari da "Try Again Later" a allonka, an taƙaita maka aiki.

A ganina, gara a jira baƙo ya yi sallama tukuna. WhatsApp Business haka yake yi: saƙonsa na "Greeting message" yana fita ne idan mutum ya fara yi maka magana, ko ya dawo bayan kwana 14 ba ku yi hulɗa ba.

Da mai turaren nan za ta gyara, sai ta rubuta: "Assalamu alaikum, barkanku da zuwa. Wannan amsa ce ta na'ura. Muna duba saƙonni da kanmu daga tara na safe zuwa la'asar. Me kuke buƙata?" Kalmar "ku" ta ɗauke mata matsalar jinsi da ta shekaru a lokaci guda, ba ta ɓoye cewa na'ura ce ba, kuma ba ta tura kowa biyan kuɗi ba. Saura ta cika alkawarin ƙarfe taran.