Yadda ake saɓa wa babban malami a bainar jama'a ba tare da an zubar da mutunci ba

Mutumin Unguwar Shanu ta Kaduna ba baƙo ba ne ga saɓanin malamai. Masallacin Sultan Bello yana nan kusa, a Unguwar Sarki, inda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsiri har rasuwarsa a 1992. A lokacin, a Tudun Wada kuma Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi yana nasa, Rediyon Kaduna na kai muryoyin biyu gidajen mutane cikin azumi. Dattawan unguwa sun san yadda martani ya riƙa yawo a kaset a wancan zamani, yau kuma yana yawo a waya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin yadda ƙarami zai ce wa babba "a nan ban gamsu ba" a gaban mutane, su tashi kowa da rawaninsa a kai. Hanyar kuwa tana nan, kuma ba daga nesa za mu aro ta ba, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi ta da malaminsa.

Malam Jibrilu ɗan Umaru yana cikin manyan malaman Shehu. Shehu ya bi shi har Agadas, ya yi karatu a gabansa, kuma daga gare shi ya ɗauki zafin kishin gyaran addini. Amma Malam Jibrilu ya kai ga wani ra'ayi mai tsauri. Ya ga yadda wasu laifuffuka suka zama ruwan dare a ƙasar Hausa, irin su tsiraici, cakuɗar maza da mata, cin dukiyar marayu da auren fiye da mata huɗu, sai ya hukunta masu aikata su da kafirci. Shehu bai yarda ba, bai kuma ɓoye rashin yardarsa ba. Ya rubuta shi a littafi, wato ya fito da shi fili ga duk mai karatu. Ya tattauna mas'alar a cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, ya kuma ware mata littafi guda, Shifa'ul Galili, wanda sunansa ma ke nuna cewa warware abin da ya rikitar ne a cikin maganar shehinsa Jibrilu.

Ku duba yadda ya yi. Ya kawo maganar malamin yadda take, bai ƙara mata gishiri ba. Sannan ya kafa hujja da abin da shi kansa Malam Jibrilu ya yarda da shi, wato matsayin Ahlus Sunna cewa ba a kafirta Musulmi don ya aikata zunubi, sai fa idan ya halatta abin da Allah ya haramta. Bayan haka ya nema wa malaminsa uzuri, ya danganta tsaurin da tsananin kishi da tausayin al'umma, bai ce jahilci ba ne ko son zuciya. Duk da wannan bai sassauta hukuncin ba: ra'ayin kuskure ne, kada a bi shi. Kuma bai daina kiran Jibrilu shehinsa ba, bai daina yabonsa da bayyana cewa a wurinsa ya sha ilimi ba. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne mas'alar ba ƙarama ba ce. Maganar kafirtawa ce, wadda jini da dukiya da aure suke rataye a kanta, shi ya sa shiru bai halatta gare shi ba. Amma girman mas'alar bai zame masa lasisin cin mutunci ba.

To, mu dawo unguwa da misali, domin a aikace ake gane abu. A ce bayan sallar magariba wani dattijon malami yana karantar da Muhtasar Halil a zaurensa ko a masallacin layi, ya zo kan sifar salla, ya ce ƙabalu makaruhi ne, sadalu shi ne mazhabar Imamu Malik. A cikin masu saurare akwai matashin da ya karanta Muwaɗɗa, ya kuma ga babin ɗora hannun dama a kan na hagu da hadisin Sahlu ɗan Sa'adu. Zuciyarsa ta tafasa, yana ganin ya kama Malam dumu-dumu.

Aikin farko ba magana ba ne, komawa littafi ne. Idan ya koma zai tarar Malam bai ƙaga komai ba. A Mudawwana, Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga Malik cewa bai so ƙabalu a farilla ba, ya yi rangwame a nafila idan tsayuwa ta yi tsawo. Shi kuma Halil da ya kawo karhancin, ya ambaci cewa malamai sun yi saɓani kan dalilinsa: ko don mutum yana jingina ne da hannuwansa, ko don tsoron a ɗauka wajibi ne, ko don gudun nuna tsoron Allah na ganin ido. A kan fassara ta farko, wanda ya yi ƙabalu da niyyar bin sunna, ba don jingina ba, karhancin bai hau kansa ba. Ka ga ashe abin da matashin zai faɗa ya sauya kama. Da farko yana shirin cewa Malam ya saɓa wa hadisi. Yanzu ya gane Malam ya riƙi ruwaya ɗaya ce daga Malik, akwai wata, kuma littafin da ke hannun Malam ɗin ma ya buɗe ƙofa. Rabin rigimar da ake yi a unguwanninmu a wannan mataki za ta mutu da ana taka shi. Manyan malaman Kano sun yi rubuce-rubuce kan wannan mas'ala tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, bayan zuwan koyarwar Shehu Ibrahim Inyas, wasu na goyon ƙabalu, Sheikh Nasiru Kabara na kare sadalu, kuma kowane ɓangare da littafi yake magana.

Daga nan sai ya auna nauyin mas'alar. Sallar mai ƙabalu ta yi, ta mai sadalu ma ta yi, babu malamin kirki da ya ce ɗayansu ya sake salla. Irin wannan ba ta kai a katse karatu ba, kuma hanyarta ta farko ita ce a bi Malam gida bayan an watse, a durƙusa a gaisa, a buɗe littafi a nuna masa shafi. Sau da yawa shi da kansa zai dawo washegari ya ƙara bayani, kuma gyaran da ya fito daga bakinsa ya fi shiga kunnen jama'a. Fitowa fili tana zama dole ne a yanayi biyu: idan kuskuren zai sa mutane su aikata abin da ke cutarwa, kamar rabon gado ko hukuncin saki ko kafirta wani, ko kuma idan an riga an je a keɓe an ƙi saurare, maganar kuma tana ci gaba da yaɗuwa. A misalinmu, a ce Malam ya wuce gona da iri ya ce kada a bi mai ƙabalu salla. Nan fa ta shafi sahu, ta shafi zumunci, kuma tunda a bainar jama'a aka faɗa, jama'a na da hakkin jin ɗaya ɓangaren.

Ko a nan akwai lokaci. Ba a tsakiyar huɗuba ba, ba kuma Malam yana cikin jan baƙi yana fassara ba. A jira lokacin tambayoyi, ko a miƙa takarda ta hannun alaramma ko mai gabatarwa. Idan aka ba shi dama, abin da zai faɗa bai wuce haka ba: "Allah ya gafarta Malam, ɗalibi ne ke neman a warware masa. Na fahimci Malam ya ce ba a bin mai ƙabalu. Na kuma ga hadisin Sahlu a Muwaɗɗa, ga shi Halil ya kawo dalilai uku na karhancin. Yaya za mu haɗa su? Ni dai abin da ya bayyana gare ni shi ne sallarsa ta inganta, amma Malam ya fi ni sani." Ku lura ya maimaita maganar Malam tukuna, don idan kunnensa ne ya ji ba daidai ba a gyara nan take. Ya ambaci littafi da wuri, bai ce "malamai sun ce" ba. Ya kuma faɗi ra'ayinsa ƙarara. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin akwai masu nannaɗe magana da ladabi har ta ɓace, a tashi ba wanda ya san an yi saɓani. Mutuncin ƙarami ma abin kiyayewa ne, kuma yana zubewa idan ya janye abin da ya tabbatar don kawai an harare shi.

Ana gane an kauce hanya da alamu bayyanannu. Idan bakinka ya bar mas'ala ya koma kan ƙungiyar Malam, ko inda ya yi karatu, ko wanda ya ba shi mota, to ka sauka daga layi. Idan kana magana idonka na kan jama'a kana jiran kabbara, ba Malam kake yi wa magana ba. Idan ka sa abokinka ya ɗaga waya yana ɗauka kafin ka buɗe baki, ka riga ka rufe wa dattijo ƙofar janyewa, domin da wuya mai furfura ya ce na yi kuskure alhali ya san za a yanke minti ɗaya a watsa. Kuma idan ya amsa, ka mayar sau ɗaya, ya sake amsawa bai sauya ba, ka yi godiya ka zauna. Hujja ta riga ta shiga kunnen masu hankali. Zagaye na uku musu ne, kuma almajiran ɓangarori biyu ne za su ƙarasa shi a waje da abin da ba ka nufa ba.

Shi ma babba yana da nasa rabo, kuma a nan Shehu ne ya zauna a ɗaya kujerar. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, ƙanensa kuma almajirinsa Abdullahin Gwandu, wanda Shehu ya girme da kimanin shekara goma sha biyu, ya saɓa masa a rubuce kan wasu abubuwa da Shehu ya yi sassauci a kansu, kamar kaɗa tambura, sanya tufafin ƙawa da laƙabin sarauta. Abdullahi ya tsananta a littattafansa, ciki har da Liya'us Sulɗani. Shehu ya mayar da amsa a Najmul Ihwani a 1812, ya kare matsayinsa, ya nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kai ba a tsananta wa mutane a cikinsa. Bai tsige ƙanensa daga muƙami ba, bai hana karanta shi ba. A cikin wannan littafin ne ma ya umarci jama'a su riƙa karanta littattafan Abdullahi saboda kulawarsa da zahirin shari'a, da na Muhammadu Bello ɗan Shehu saboda sanin siyasar al'umma.

Saboda haka malamin da matashi ya tambaya a zauren Unguwar Shanu yana da amsoshi uku da ba su rage masa komai. Zai iya cewa "ɗana, kawo littafin mu gani." Zai iya cewa "ka bar ni in duba, gobe za mu dawo kanta," sannan ya dawo ɗin da gaske. Zai kuma iya cewa "na san wannan ruwaya, ga dalilin da ya sa na riƙi ɗayar," ya bar wa yaron fahimtarsa. Wadda ke ɓata zaure ita ce "yaushe aka haife ka?", domin daga ranar ɗalibai za su daina tambaya a gabansa, su koma tattauna kurakuransa a shagon mai shayi inda ba ya nan balle ya kare kansa.