Tashar jiragen ruwa a garin da babu teku

Duk wanda ya je Zawaciki, a ƙaramar hukumar Kumbotso ta jihar Kano, zai ga wata makekiyar haraba da kwantenoni da ofishin kwastam, amma ko kwale-kwale ba zai gani ba. Nan ce tashar tsandauri ta Dala, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2023. A doka matsayinta ɗaya da na Apapa ko Tin Can da ke Legas, duk da cewa tsakaninta da teku ya kai kusan kilomita 1,000.

A da can Kano arewa take fuskanta. Ayarin raƙuma ne ke ɗaukar fatu da turkuɗi ta Agadas zuwa Tarabulus. Da layin dogo ya iso a 1911, sai alƙiblar kasuwa ta juya kudu, gyaɗa da auduga suka riƙa gangarawa bakin teku. Tun daga lokacin, duk abin da ya sami Apapa sai an ji a jika a kasuwar Kantin Kwari.

Mu ɗauki ɗan kasuwar da ya yi odar kwantenar yadi daga Sin. Idan takardar lodin jirgi ta ce Legas ce zangon ƙarshe, to a can za a yi komai: biyan kuɗin fito, buɗe kwantena, binciken kwastam. Dole ya nemi wakili a can, ya jira layi. Kamfanin jirgin ruwa kan ba da 'yan kwanaki kyauta, suna ƙarewa kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum, ga kuɗin ajiya na masu tashar. Bayan nan sai neman tirela, da kwanaki a hanya, da shingayen jami'ai. Mai sayen atamfa a Kwari shi ke biyan duk wannan ba tare da ya sani ba.

Idan kuwa tun daga Sin aka rubuta Kano a takardar, lamarin ya sauya. Legas ta zama wurin ratse kawai. Ana sauke kwantenar daga jirgi, a ɗora ta a tarago ko mota da hatiminta ba a ɓalle ba, ƙarƙashin lamunin da ke tabbatar wa kwastam cewa kuɗinsu ba zai salwanta a hanya ba. A Zawaciki za a duba lambar hatimin, a buɗe a gaban mai kaya, ya biya, ya kwashe. Shi ya sa ayyana wuri a matsayin tashar da kaya ke tashi kuma suke sauka ya fi ginin kansa muhimmanci. In babu wannan matsayi, kuma kamfanonin jiragen ba su yarda su rubuta sunan garin ba, abin da ake da shi babban sito ne kawai.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar, wato layin dogo. Ribar tashar tsandauri tana cikin ɗaukar kwantenoni da yawa a tafiya ɗaya. Sabon layi mai faɗin milimita 1,435 ya taso daga Legas ya tsaya a Ibadan. Tsohon da ya isa Kano mai milimita 1,067 ne, ya tsufa, ga ambaliya na yawan yanke shi a yankin jihar Neja. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Saboda haka kaya da yawa har yanzu tirela ke kawo su, kuma tashar Kaduna da ke Kakuri, wadda aka buɗe a 2018, ta sha fama da wannan matsala.

Akwai kuma batun komawa. Kwantenar da ta zo cike ta koma fanko, an biya kuɗin tafiya biyu don kaya ɗaya. Gwanin tasha shi ne wanda ya cika ta da riɗin Jigawa, ko cittar kudancin Kaduna, ko zoɓo, a kammala takardun fitarwa a gida kafin ta kama hanya.

Maƙwabta ma abin ya shafe su. Nijar ba ta da teku, kuma shekara da shekaru Kwatano ce babbar ƙofarta. Da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, manyan motoci suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da haɗari, farashi ya tashi a kasuwannin Yamai. Wannan ne ya ƙara wa layin dogon Kano zuwa Maraɗi daraja, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Amma kafin kwantenar ɗan kasuwar Maraɗi ta taso daga Apapa a tarago ɗaya, sai an kammala na Kaduna zuwa Kano, an kuma cike giɓin da ke tsakanin Ibadan da Abuja.