Shafin da Aka Gyara da Daddare

Takardar da aka manna a allon sanarwa, idan aka yage ta ana ganin tabo. Shafin intanet ba ya barin tabo. A ce wata makaranta ta rubuta cewa za a rufe rajista ranar 30 ga wata, da daddare wani ya mayar da ita 20. Wanda bai adana na jiya ba, ba shi da abin nunawa.

Maganin shi ne a sa kwamfuta ta riƙa ɗaukar hoton shafin kullum, tun daga sama har ƙasa, har da ɓangaren da sai an gangara ake gani. Manhajar Playwright, wadda kyauta ce, tana yin haka da layi ɗaya:

```
npx playwright screenshot --full-page https://example.com/ $(date +%F).png
```

Sunan kowane hoto zai zama kwanan watan ranar da aka ɗauke shi. A kwamfutar Linux, cron ne ke kula da lokaci: `0 6 * * *` na nufin kowace rana ƙarfe shida na safe. Amma fa a cikin crontab sai an rubuta `\%` maimakon `%`, in ba haka ba umarnin zai yanke a tsakiya. Kuma idan kwamfutar a kashe take a wannan sa'ar, hoton ranar ya wuce ke nan.

Wahalar tana wajen kwatantawa. Umarnin `compare` na ImageMagick yana ɗora hoton jiya a kan na yau, ya shafa ja a duk inda suka saɓa. Sai dai shi launi yake gani, bai san ma'ana ba. Talla ta sauya, ja. Akwatin neman izini ya rufe rabin shafi, ja. Idan kuwa aka ƙara layi ɗaya a sama, duk abin da ke ƙasa zai zame, shafin ya yi jawur alhali jimla ɗaya ce sabuwa, ranar rajistar kuma ta ɓace a cikin jan. Akwai kuma hotunan da ba sa buɗewa sai an gangara kansu. Waɗannan sukan fito fili fari, mutum ya zaci an cire su.

Shi ya sa nake ganin hoto shi kaɗai bai wadatar ba. A tsayar da faɗin allo guda kullum, a ba shafin 'yan daƙiƙu ya gama buɗewa da `--wait-for-timeout`, sannan a adana rubutunsa tsagwaro a gefe. Rubutun ne zai nuna cewa 30 ta koma 20, hoton kuma ya nuna yadda shafin yake a ranar.

Tunda kowa na iya taɓa hoton da ke hannunsa, ranar da abin ya zama na jayayya a tura adireshin ta Save Page Now na Wayback Machine, domin kwafi mai kwanan wata ya kasance a hannun wani daban.