"Ya Yi Tsada": Abin da Mai Saida Kaya a WhatsApp ke Mayarwa

A Kantin Kwari da ke Kano, idan mai saye ya ce atamfa ta yi tsada, ɗan kasuwa ba ya ko gezau. Yana kallon fuskarsa, ya ga hannunsa bai saki turmin ba, sai ya ce masa ya taya. Ya taya a ce albarka, ya ƙara, har a kai ga sallamawa. Amma wadda ke saida wannan atamfa daga ɗakinta ta WhatsApp ba ta da fuskar da za ta karanta, mai sayen kuma ba ta da zanen da za ta murza ta ji kaurinsa. Kalma uku ce kawai ke faɗowa a waya: "Ya yi tsada."

Kalmomin nan ba abu ɗaya suke nufi ba. Wata kuɗinta ne bai kai ba. Wata ta ga mai kama da shi a wani wuri da araha. Wata kuwa tsoro take ji, don an taɓa turo mata abin da ya saɓa da hoto. Akwai kuma wadda ciniki ya zame mata jiki, ko kyauta aka ba ta sai ta nemi gyara. Ragi ɗaya daga cikinsu kaɗai yake yi wa magani, shi ya sa amsar farko ya kamata ta zama tambaya.

A ɗauka mai saidawa ta saro turmi a kan naira 18,000, kuɗin mota da leda suka ci 1,000, ta sa masa 23,000. Ribarta 4,000 ke nan. Idan ta ji "tsada" ta zabge 2,000 nan take, a idon mai saye ragin bai kai kashi 9 cikin ɗari ba, ita kuwa rabin ribarta ya tafi. Mafi muni, ta nuna cewa kuɗin farko ba na gaskiya ba ne, don haka za a ci gaba da matsa ta. Tun kafin a fara magana ya kamata ta san inda za ta tsaya, a ce 22,000.

Saƙon farko gajere ne: "Sannu Hajiya, na gode. Kin ga irinta a ƙasa da haka ne, ko akwai abin da kika ware?"

Amsar Hajiya ce ke zaɓar saƙo na biyu. Idan ta ce ta gani a 17,000, ba a ce mata jabu ne, domin hakan kamar raina mata wayo ne. Sai a rubuta: "Akwai na wannan kuɗin, ni ma ina da shi. Wannan auduga ce, yadi shida cif. Bari in turo miki bidiyon su biyun ki gani." Bidiyon a ɗauke shi da hasken rana, a juya bayan zanen, a nuna bakinsa da tambarin kamfani. Nan ne mai tsoron zamba ke samun natsuwa, ba a ragi ba.

Idan kuwa ta ce 18,000 ne a hannunta, jan magana ɓata lokaci ne: "Wallahi bai fito ba, Hajiya, amma ga kala uku da wannan kuɗin zai saya." Ga mai son ciniki kuma, ragin ya zo sau ɗaya kuma da sharaɗi: "In za ki ɗauki biyu, na bar miki 22,000 kowanne." A haka an rage mata, ribar cinikin kuma ta tashi 6,000 maimakon 4,000.

Sai a rufe da tambaya mai sauƙin amsawa: "In ajiye miki shuɗin ko koren?" Daga nan a yi shiru. Wannan ne ya fi wa sababbin 'yan kasuwa wuya, har ka ga sun jera saƙo biyar, na ƙarshen yana ragin da ba wanda ya nema. Tuntuɓa ɗaya washegari ta isa. Ƙaryar "saura ɗaya" kuwa ba ta kwana, tunda gobe mai sayen za ta sake ganin turmin a `Status`.

Ba sai an riƙa rubuta waɗannan saƙonni kullum ba. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da sashen `Quick replies` inda ake adana saƙo a ba shi gajeren suna, kamar `/tsada`, a kira shi da dannawa ɗaya. Sai dai a gyara gaisuwar kafin a tura, kada a kira Alhaji da Hajiya.