Mintunan Farko: Abin da Ya Kamata a Faɗa wa Jama'a kan Shanyewar Jiki da Farfaɗiya

Duk ma'aikacin lafiyar da aka ba rabin sa'a a ƙofar gidan mai unguwa don ya yi magana kan shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya, yana da zaɓi. Yana iya cinye lokacin wajen ƙaryata zancen iska da sammu, mutane su gyaɗa kai su watse da abin da suka zo da shi. Yana kuma iya koya musu abin da za su yi da hannunsu a mintunan farko, wanda shi ya fi ceton rai. Cututtukan biyu duk a ƙwaƙwalwa suke, amma kuskuren da ake yi a kansu ya sha bamban: mai shanyewar jiki ana jinkirta masa, mai farfaɗiya kuma ana yi masa abin da ya fi ciwon illa.

A ɗauki misalin dattijo mai hawan jini da ya daina shan magani saboda ya ji sauƙi. Yana alwalar asuba buta ta suɓuce masa. Gwaji uku ake koya wa iyali. A ce, Baba yi murmushi, a duba ko baki ya karkace. A ce ya ɗaga hannuwa biyu, a ga ko ɗaya yana zamewa ƙasa. A sa shi ya faɗi sunansa, a saurara ko harshe ya yi nauyi. Ko guda ɗaya aka gani, a dubi agogo a riƙe lokacin, a nemi mota.

Dalilin agogon shi ne shanyewar jiki iri biyu ce. Mafi yawa jini ne ke daskarewa ya toshe jijiya, saura kuma jijiya ce ke fashewa jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa. Ido ba ya bambance su, sai hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Allurar narkar da daskararren jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi da fara ciwon ake yin ta. Shi ya sa bai kamata a ba shi asfirin a gida ba, don in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada kuma a ɗura masa ruwa, koko ko rubutu, domin haɗiya takan lalace, abin ya gangara huhu. Addu'a kuwa babu mai hana ta, ana iya yi a cikin mota. Ko alamun sun ɓace bayan minti goma, gargaɗi ne, a tafi asibiti a ranar.

Farfaɗiya ta fi buƙatar a nuna a aikace. Ma'aikaci mai dabara yakan shimfiɗa tabarma, ya sa wani saurayi ya kwanta, jama'a na kallo. Ya kawar da murhu da kujera, ya tura ɗankwali ƙarƙashin kai, ya kwance maɓallin wuya. Ba ya danne shi, ba ya cusa cokali a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin kuma haƙora yake karyawa. Babu hayaƙi, babu watsa ruwa. Da fizge-fizgen ya lafa sai ya juya shi kan gefensa yawu ya zubo, ya zauna kusa har ya farfaɗo. Yawanci cikin minti biyu ko uku abin ke wucewa. In ya haura minti 5, ko ya dawo kafin mutum ya dawo hayyacinsa, ko mai ciki ce, sai asibiti nan take.

Camfin da ya fi cutarwa shi ne na yawu. Saboda tsoron ɗauka, ana gudu a bar mace ta faɗa wuta, a cire yaro daga makaranta, a fasa aure. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko numfashi ko kwano. Takan biyo bayan wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwar kai a hatsarin babur. Don haka ya kamata ma'aikacin ya share bakin saurayin nan da hannunsa kowa na gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai kusan miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai. Ƙwayoyi irin su fenobabiton da kabamazefin kullum ake shan su, yawanci shekaru, kuma dainawa farat ɗaya kan jawo faɗuwa mai tsanani. Kafin a tashi taro, a fito da na'urar awon jini a gwada manya, duk wanda ya kai 140/90 a rubuta masa ranar da zai koma asibiti a sake aunawa.