Kofin Shayi Ɗaya, Ma'aikata Huɗu

Idan fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, yawancinmu tashi muke yi. Darakta da 'yan wasa mun san su, sauran kuwa sai dai a ce "ma'aikatan lokeshan". Don mu ga abin da huɗu daga cikinsu suke yi, mu ɗauki fitowa guda ta minti biyu, irin wadda ake gani kullum a fina-finan Kano: maigida yana shan shayi a falo, uwargida ta shigo ta ce yau gidansu za ta tafi.

Kafin a kunna kyamara, furodusa ya riga ya sha wahalar wannan falon. Mutane kan ɗauka furodusa shi ne mai kuɗi, amma sau da yawa mai ɗaukar nauyi daban, mai shiryawa daban. Furodusa shi ya samo labarin, ya ɗauko darakta, ya yi ciniki da 'yan wasa, ya roƙi mai gidan ko ya biya shi, ya tanadi abinci da mota da man janareto. Idan an ba shi gidan kwana biyu, to duk fitowar da ta shafi falon sai an tattaro ta cikin kwana biyun, ko da ɗaya a farkon fim take, ɗaya a ƙarshe. Daga nan matsalar sauran ukun take farawa, domin ba a ɗaukar fim bi da bi yadda muke kallonsa.

Gafa shi ne shugaban masu haske. Mai ɗaukar hoto ne yake faɗin irin hasken da yake so, gafa kuma ya san fitilar da za a kafa, da inda za a ajiye ta, da wutar da za ta ci. A ce maigidan nan yana zaune kusa da taga da hantsi. Hasken rana yana da ɗan shuɗi, ana auna shi kusan Kelbin 5,600, tsohuwar fitilar fim mai zafi kuwa ja-ja ce, kusan 3,200. Ido ba ya damuwa da bambancin, kyamara kuwa ba ta yafewa: rabin fuskar mutum zai fito shuɗi, rabi kamar an shafa masa manja. Sai gafa ya rufa wa fitilar shuɗiyar leda ta musamman, ko ya kawo wadda ake iya juya launinta. Shi ne kuma mai lissafin cewa fitilu uku masu wat 1,000 kowace sun fi ƙarfin ƙaramin janareto, kuma shi zai ja dogon waya ya kai janareton bayan gida don kada ƙararsa ta shiga sauti.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai kwantiniti, wanda ake rubuta aikinsa da "ci gaban shiri". Yana zaune kusa da darakta da takardar labari da biro, ba ya ba kowa umarni, amma komai yana rubutawa. Fitowar nan za a ɗauke ta aƙalla sau uku: daga nesa da su biyun, sai fuskar miji, sai fuskar mata. A ce rana ta faɗi kafin a kai ga fuskar matar, aka bari sai gobe. Gobe wa zai tuna cewa kofin a hannun dama yake, shayin ya kai rabi, ɗaurin ɗankwalinta ya karkata hagu, kuma sai da ta ce "gidanmu" sannan ya ajiye kofin? Shi ne. Yana ɗaukar hoto da waya, yana rubuta lambar kowane ɗauka da tsawonsa da wanda darakta ya ce ya yi. Yana kuma lura kada kyamara ta tsallaka ɗaya gefen ma'auratan, domin in ta tsallaka, a talabijin za a ga su biyun suna kallon gefe guda maimakon juna. Duk fim ɗin da ka ga hular jarumi ta canza tsakanin tambaya da amsa, a nan aka yi sakaci.

Edita, mai tace hoto, galibi ba ya ma zuwa lokeshan. Yana ɗaki da kwamfuta, aka kawo masa wataƙila minti ashirin na wannan fitowa tare da takardun mai kwantiniti. Zai fara haɗa sauti da hoto, inda tafin allon nan da ake bugawa gaban kyamara yake nuna masa daidai wurin da za su haɗu. Sannan ya zaɓa. Lokacin da matar ta ce za ta tafi, fuskar wa za mu gani? In ya tsaya a kanta, labarin ɓacin ranta ne. In ya yanka zuwa mijin ya bar shi daƙiƙa uku da kofi a bakinsa bai kurɓa ba, mai kallo ya koma tausayin mijin, alhali ba a sauya kalma ko ɗaya ba.

In kuma ya tarar shayin ya cika a wani hoton, ya ƙare a na gaba, sai ya nemi abin rufewa: agogon bango, ko hannun matar a kan ƙofa. In ba a ɗauko ko ɗaya ba, sai ya kira furodusa, shi kuma ya koma roƙon mai gida a sake ba su falon.